Shakka daban, zargi daban: amsa ga wani sabon odita

"Salam Oga. Watana bakwai da fara aiki a wani ofishin odit, ina kuma karatun ICAN. A aikin farko manajata ta rubuta min a fayil wai ban nuna furofeshinal sikeftisizim ba, na karɓi maganar akanta yadda ya faɗa. A na biyu na ɗaure fuska na matsa da tambaya, sai akantan wurin ya kai ƙarata wai ina masa kallon ɓarawo. Ni yanzu na rikice wallahi, dan Allah mene ne bambancin?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Mu ajiye wannan doguwar kalmar tukuna don Hausa ta riga ta raba mana gardama, akwai shakka akwai zargi. Zargi mutum ake yi wa. Shakka kuwa a aikinmu magana ake yi wa, ko takarda, ko lamba. In ka shiga Kantin Kwari ka miƙa wa ɗan kasuwa damin kuɗi zai ƙirga a gabanka ko da tare kuka taso, kai ma ba za ka ji haushi ba, in ma bai ƙirga ba kai ne za ka ce masa Alhaji ƙirga mana. Bai ce kai macuci ba ne, kawai dai bai san ko dubu ɗari biyar ɗin ta cika ba sai ya ƙirga, mai yiwuwa ma a banki aka yi maka kuskuren. Amma ka ga in ya karɓa ya kalle ka sama da ƙasa ya ce ku dai ba a yarda da ku, to nan an shiga wani babi ko da kuɗin sun cika.

A takarda abin gajere ne. ISA 200, ɗaya daga cikin ƙa'idojin odit na duniya, ta ce wannan sikeftisizim ɗin hali ne mai ƙunshe da abu uku: zuciya mai tambaya, ido a buɗe kan duk alamar da ke nuna akwai kuskure ko almundahana a lissafi, da auna hujja da kyau kafin a karɓe ta. Duba ka gani, babu inda aka ce ka ɗauki mai kamfani maƙaryaci. Ita dai ISA 200 ɗin ce ma ta ce kana iya karɓar takardu a matsayin na gaskiya sai in kana da dalilin ganin akasin haka. ISA 240 kuma ta tare ɗaya ƙofar, ta ce ko da ka san shugabannin kamfanin da gaskiya da amana a shekarun baya, wannan sanin ba zai sauke maka nauyin lura ba. Wato mai yarda ido rufe da mai zargi cuta ɗaya ke damunsu, duk sun yanke hukunci kafin su buɗe fayil, ɗaya ya ce mutumin kirki ne ɗaya ya ce ɓarawo ne, daga nan kowa abin da zai gaskata shi kawai yake gani.

Bari in ba ka wani aiki da na yi lokacin ina siniya, don a baki abin kamar wasa amma sai a fili ake gane shi. Kamfanin sarrafa shinkafa ne, shekararsu na ƙarewa 31 ga Disamba, mu kuma muka shiga a Fabrairu ni da wani yaro da ke ƙarƙashina. Yaron nan yana da ƙwaƙwalwa ba laifi, amma ranar farko da muka isa ya ga akantan kamfanin ya faka sabuwar mota, shikenan ya ƙulla. A mota muna komawa yake ce min Oga albashin akanta ba zai sayi wannan ba, akwai lauje cikin naɗi. Kwana uku ya yi a kan baucocin dizal da kuɗin kashewa na yau da kullum, yana kiran bawan Allahn nan kan rasit na naira dubu 8, dubu 15, yana tambayarsa da murya irin ta ɗan sanda, har mutumin ya koma sai an aika sau uku kafin ya kawo fayil ɗaya. Abin da ya samo a kwana ukun, baucoci biyu da ba a sa musu hannu ba, jimillarsu ba ta kai dubu 40 ba. Ma'aunin da muka sa wa aikin kuwa, wato girman kuskuren da zai iya canja ra'ayin mai karanta lissafin, miliyan 7 ne, kashi 5 cikin ɗari na ribar miliyan 140 kafin haraji.

Ni ban fara da kowa ba, da cinikin wata-wata na fara, don ISA 240 ta ce ka shiga da ɗaukar cewa akwai haɗarin almundahana a yadda ake rubuta ciniki, kowane kamfani ne, sai in kana da dalilin janye wannan kuma ka rubuta dalilin. Cinikinsu na wata yana yawo a wajen miliyan 180. Disamba miliyan 310. Na tambayi akanta cikin ladabi, Malam me ya faru a Disamba haka, ya ce Kirsimeti da sabuwar shekara ne ga bukukuwa, kasuwar shinkafa tana buɗewa.

To nan ne wurin da nake so ka tsaya. Amsar nan mai ma'ana ce, gaskiya ce ma, duk wanda ya san kasuwar shinkafa ya san haka. Mai yarda zai rubuta "akanta ya ce saboda bukukuwa ne" ya wuce, kuma na tabbata irin wannan layin ne manajarka ta gani ta ja maka jan biro. Mai zargi zai ce a ransa ƙarya yake, amma ka tambaye shi to me za ka yi yanzu, ba shi da amsa sai ƙarin ɗaure fuska. Tambayar da ake yi wa kai ita ce: in maganar nan gaskiya ce, me ya kamata in gani, kuma a ina zan gan shi ba a hannun wanda ya faɗa min ba? In bukukuwa ne, ai bara ma an yi Kirsimeti. Na ɗauko na bara, Disamba ta ɗara sauran watanni da wajen kashi 15 cikin ɗari. Bana kashi 72. Kenan bukukuwa sun ɗauki wani yanki na bayanin, sun bar wani babban yanki ba mai shi.

Da na jera inbois ɗin Disamba daga babba zuwa ƙarami sai ga guda ɗaya a sama, ranar 29 ga wata, wani dila, buhu 4,200 na kilo 50, lokacin buhu na dubu 25, miliyan 105 kenan, kuma bashi ne ba a biya ba. Cire shi sai Disamba ta dawo miliyan 205, ƙarin kashi 14, daidai da na bara. Ka ga yanzu ba kamfanin gaba ɗaya nake shakka ba, ba kuma wani mutum ba, takarda ɗaya ce a gabana.

Na ce a ba ni abin da ke bayanta. Aka kawo inbois, aka kawo webil guda bakwai, tirela bakwai kenan kowacce buhu 600. Komai ya yi daidai da leja, kwabo bai ɓata ba. Nan ma wani tarko ne da yara ke faɗawa, su ga inbois ya yi daidai da leja su buga alamar daidai. Ai dole su yi daidai, daga inbois ɗin aka shigar da leja, ofis ɗaya ne ya haifi duka biyun, kamar ka tambayi mutum sau biyu ne ka ce ka samu shaidu biyu. Da na kalli webil ɗin da kyau, biyu suna da lambar mota da sa hannun direba, biyar babu, wurin a buɗe. Ban ce komai ba, don akwai kamfanonin da ake sakaci da cike webil kuma kaya sun fita da gaske.

Sai na tashi na tafi bakin get wurin mai gadi, wani dattijo, muka gaisa na ce Baba ko zan ga littafin da kake rubuta motoci. Littafi ne mai bangon kwali duk ya sha maiƙo, rubutun ma sai ka ƙura ido, amma a ranar ya fi min duk abin da aka buga a kwamfuta daraja, saboda shi Baba ba ruwansa da ribar kamfani, ba wanda ke ba shi bonas kan ciniki, mota ta fita ya rubuta lamba da lokaci da inda za ta. Daga 29 zuwa 31 ga Disamba tirela biyu ce ta fita da sunan dilan nan. Na kuma lura duk tsawon littafin ba ranar da aka loda sama da tirela huɗu, ƙarfin ’yan dakonsu kenan, to yaya aka yi bakwai a yini ɗaya ga mutum ɗaya? Na je sikelin mota na duba tikitinsu, biyu ne su ma. Na buɗa gaba zuwa Janairu, tsakanin 6 da 11 ga wata tirela uku sun fita zuwa wurinsa. Saura biyu ban gan su ba ko'ina.

Buhu 3,000 kenan an rubuta an sayar a Disamba alhali suna cikin sito ranar da shekara ta ƙare. To an ƙirga su cikin kayan kamfani ranar 31? Wannan yaron nawa shi ya halarci ƙirgar. Na tambaye shi, ya ce e akwai wani tsibi a kusurwar sito an liƙa masa kwali an rubuta "an sayar", sitokifa ya ce kada a ƙirga na wani dila ne, shi kuma ya tsallake. Na ce ka rubuta buhu nawa ne, ka ga takardar sayarwar? Ya ce a'a Oga, ai sitokifan mutumin kirki ne, tare ma muka yi azahar. Kai jama'a. Mutumin da ya hana akanta sakat kan dubu 8 shi ne ya wuce miliyan 75 da ƙafarsa saboda fuskar mai maganar ta kwanta masa. Wannan shi ne aibin zargi da ba a cika faɗa ba, mutane na ɗauka mai zargi ya fi wuyar yaudara, wallahi ya fi sauƙi, don ya tara hankalinsa kaf a kan mutum ɗaya, duk wanda ba shi ba ya samu lasisi.

Har a nan fa ban yanke cewa an yi ba daidai ba, kuma ina so ka riƙe wannan sosai. Ana iya sayar da kaya su zauna a siton mai sayarwa kuma cinikin ya halatta a rubuta shi. IFRS 15, ƙa'idar da ke tsara yadda ake rubuta ciniki, ta yarda da haka in sharuɗɗa huɗu sun cika: akwai dalili na gaske na ajiyar, misali mai sayen ne ya roƙa, an ware kayan an san nasa ne, a shirye suke a ɗauka, kuma kamfanin ba shi da ikon amfani da su ko ba wa wani. Dila zai iya cewa sitona ya cika ku riƙe min zuwa bayan sabuwar shekara, wannan kullum ana yi. Saboda haka na nemi hujjar da za ta wanke cinikin da irin ƙwazon da na nemi wadda za ta rushe shi. In ka ga kanka kana jin daɗi in hujja ta fito a kan kamfani, kana jin haushi in ta wanke su, to ka zame daga shakka ka faɗa zargi, wannan gwaji ne da za ka iya yi wa kanka ba sai manaja ta faɗa maka ba.

Hanyar da ta rage ita ce a ji daga bakin dilan. Manajan ciniki ya ce in ba shi wasiƙar tabbatar da bashi zai kai masa da kansa ya kawo min amsa gobe, don ya sauƙaƙa min. Na yi masa godiya na ce ƙa'idar ofishinmu ba ta yarda ba, ko bashin naira ɗari ne mu muke aikawa mu muke karɓa. Kuma ba ƙarya na yi ba, ISA 505 ta ce ragamar wasiƙar nan ta zauna a hannun odita tun daga zaɓen wanda za a aika wa, da tabbatar da adireshinsa, har dawowar amsa kai tsaye. Ka lura da yadda wannan ke sauƙaƙa maka zama da mutane, ba sai ka nuna kana shakkar wani ba, tsarin ne ke tambaya, kowa haka ake masa. Na samo adireshin daga tsofaffin webil na watannin baya da aka riga aka biya, muka je shagon da kanmu da wasiƙa mai izinin kamfani. Dilan ya buɗe littafinsa ya ce shi tirela biyu ya karɓa a Disamba, miliyan 30 ake binsa a ƙarshen shekara, sauran ya ce musu ne sai ya ga yadda kasuwa ta kama bayan biki, bai ɗaure kansa ba. Leja na cewa 105, shi yana cewa 30.

Da na dawo na buɗe littafin Janairu, wanda da yawa ba sa dubawa don wai ba shekararsu ba ce, sai ga kiredit not ranar 20 ga wata an soke buhu 1,200 daga asusun dilan, miliyan 30, kuma katin sito ya nuna daga wancan tsibin mai kwali aka loda wa wasu diloli biyu daban. Shikenan magana ta ƙare, kayan da za ka iya ɗauka ka ba wani ba su zama na mai saye ba, kuma shi ma bai nemi a ajiye masa ba. Gyaran da muka kawo: a cire miliyan 75 daga ciniki da bashin da ake bin diloli, a mayar da buhu 3,000 cikin kaya a kan kuɗin da aka kashe wajen samar da su, dubu 21 da ɗari biyar kowanne, miliyan 64 da rabi kenan, riba ta sauka da miliyan 10 da rabi. Ya haura miliyan 7 ɗinmu, don haka ba abin da za a kawar da kai ba ne.

Akantan da aka takura wa kuwa ba ruwansa, inbois ya zo masa daga sashen ciniki ya shigar yadda ya saba. Shi ne ma da na zauna da shi na ba shi haƙuri kan abin da yarona ya yi, ya ce min a hankali, Malam ka duba yadda ake lissafa bonas ɗin sashen ciniki. Kwana uku yana da wannan maganar a bakinsa, wa zai faɗa wa wanda ke masa kallon ɓarawo? Rabin abin da odita ke samu daga bakin ƙananan ma'aikata yake fitowa, mai gadi, sitokifa, kashiya, kuma ba sa buɗe baki ga wanda ya wulaƙanta su.

To daga wannan lokacin matsayin manajan ciniki ya canja a wurina, kuma wannan ba zargi ba ne don yanzu akwai dalili a ƙasa. Na faɗaɗa gwajin, na bi duk inbois na kwana goma na ƙarshen shekara da kwana goma na farkon sabuwa ɗaya bayan ɗaya da littafin get, na waiwayi ƙarshen shekarar bara, kuma duk wani bayani da ya taɓa ba mu a wasu wuraren na koma na nemo masa madogara daga wani waje. Amma ko a rahoton da fatna, wato babban Oganmu a aikin, ya kai wa Alhaji mai kamfanin da sauran daraktoci ba mu rubuta cewa wane ya yi zamba ba. Mun rubuta abin da muka gani: ranar inbois, ranar fitar mota, abin da dila ya tabbatar, kiredit not, da cewa bonas na rataye da cinikin shekara. ISA 240 da kanta ta ce odita ba ya yanke hukuncin shari'a kan ko zamba ta auku. Niyya a zuci take, kai kwanan wata da lambar mota kake da su.

Wani abu kuma da ke raba su biyun, shakka tana da wurin tsayawa. A aikin nan dai akwai wani bashi na miliyan 12 da ya yi wata 14 ba a biya ba kuma ba a ware masa komai ba na yiwuwar asara, akanta ya ce wanda ake bin zai biya, mutumin Alhaji ne. Wannan ba hujja ba ce, fata ne. Na duba sitetimen na banki na bayan shekara, wanda muka karɓa daga bankin ba wanda aka buga mana a ofis ba, na ga miliyan 12 ta shigo a farkon Fabrairu. Na ƙara taki ɗaya, daga asusun wa ta fito? Don akwai dabarar da darakta zai tura kuɗi daga aljihunsa a ce bashi ya dawo, bayan odita ya tafi a mayar masa. Sunan kamfanin mai bashin ne a jiki, kuma ban ga kuɗi mai kama da wannan ya fita zuwa wani na kusa ba a makonnin da suka biyo. Na rufe shafin na wuce. Yarona ya ce Oga in kuma haɗa baki suka yi fa? Na ce zai yiwu, amma me ka gani da ke nuna haka? Babu. Mai zargi ba hujjar da ke ƙosar da shi, ko ka kawo masa goma zai ce an shirya su ne, kuma aikin da aka ba mako uku ba zai ƙare ba. Mu tabbaci mai ma'ana muke bayarwa, ba mu taɓa cewa ɗari bisa ɗari ba.

Za ka ji tsofaffin cikinmu suna jawo maganar alƙali Lopes a shari'ar Kingston Cotton Mill ta 1896 a Ingila, cewa odita karen gadi ne ba karen farauta ba. Gaskiya ne ta fuskar cewa ba a ce ka shiga da zato ba, amma ka san a wannan shari'ar oditocin takardar manaja suka karɓa kan yawan kayan sito ba su bincika ba, ga shi an kumbura lambar, kotu kuma ta wanke su. Yau ba za ka tsira da haka ba, ISA 501 ta ce in kayan suna da yawa ka halarci ƙirga, ISA 580 kuma ta ce wasiƙar da shugabanni ke sa wa hannu ba ta isa hujja ita kaɗai ba. Don haka in wani ya jawo maka karen gadi don ya hana ka zuwa sito, ka san inda maganar ta tsaya.

In kana son ganin abin a babban sikeli ka karanta labarin Parmalat, kamfanin madara na Italiya. Wani reshensu mai suna Bonlat a tsibiran Cayman ya ce yana da Yuro biliyan 3.95 a Bank of America, akwai ma wasiƙar tabbatarwa a fayil, sai a Disamba 2003 bankin ya ce wasiƙar jabu ce, babu asusun. Abin da ke ba ni mamaki ba jabun ba ne, tambayar da ke zaune a fili ce wadda ba ta buƙatar ka zargi kowa: kamfanin da ke da kusan biliyan 4 a ajiye me ya sa yake ta cin bashi da ruwa, har a wannan watan biyan Yuro miliyan 150 ya zame masa aiki? Irin tambayar tirela bakwai a yini ɗaya ce. Wirecard na Jamus ma a Yuni 2020 haka aka wayi gari Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna bankuna biyu a Filifins babu su, bankunan suka ce takardun ba nasu ba ne.

A wurinmu nan abin da ya fi kashe shakka ba rashin ilimi ba ne, kunya ce da sabo. Za a tura ka wurin Alhajin da ya haifi kamarka, ya ce maka yaro ai na faɗa maka an biya, ka ji nauyin cewa a nuna maka. Ko kamfanin da ofishinku ya shekara takwas yana yi wa aiki, ana kawo muku abinci, da azumi a aiko da buhu (wannan ma ka tambayi ƙa'idar ofishinku kafin ka karɓa). Abin da ya yi min aiki shi ne in ɗora nauyin a kan fayil. Ranka ya daɗe na gamsu da bayaninka, amma fayil ɗin ba ya jin magana sai takarda, wanda zai duba bayana bai san ka ba, a taimaka min da abin da zan liƙa. Ban taɓa ganin wanda ya yi fushi da wannan ba sai wanda ba shi da takardar, shi kuma fushin nasa ma wani abu ne da za ka lura da shi, duk da cewa shi kaɗai ba hujja ba ne, wani kawai gajiya ce ke damunsa. Ka kuma bar tambaya mai ɗauke da hukunci a cikinta. "Me ya sa kuka ɓoye wannan" daban take da "taimaka min in gane yadda wannan ya bi daga oda har fitar mota". Ta biyun ta fi kawo bayani, kuma in akwai rami mutum da bakinsa zai kai ka bakin ramin.

Ita kuma manajarka ba za ta ga abin da ke ranka ba, ba ta ga ɗaure fuskarka ba, shafi kawai take karantawa. Duk inda ka rubuta "an tattauna da akanta, ya bayyana cewa", to a ƙarƙashinsa tana neman layi uku ko huɗu: me ka sa ran gani kafin ka tambaya, wace hujja ka samo da ba daga bakinsa ko kwamfutarsa ta fito ba, akwai abin da ya saɓa wa bayanin, in akwai yaya ka yi da shi. Abin da ya saɓa ɗin nan kada ka kuskura ka bar shi a waje don shafin ya yi kyau, ISA 230 ta ce in ka ci karo da bayanin da bai jitu da matsayarka ba kan muhimmin abu, ka rubuta yadda ka warware shi. A aikin shinkafar nan shafina na Disamba bai kai rabin na yarona na dizal tsawo ba, lambobin wata goma sha biyu ne na bana da na bara, inbois ɗaya, hoton shafi huɗu na littafin Baba mai gadi, amsar dila, da kiredit not na 20 ga Janairu.